Kuɗin aiki kai tsaye da kuɗin gudanarwa: yadda ake raba su a kasafin neman tallafi

"Assalamu alaikum Malam. Ni ce mai riƙe da kuɗin wata ƙungiyar mata a Tudun Wadan Zariya. Muna neman tallafi don koya wa mata 400 a Giwa da Soba yadda ake adana masara, aikin zai ci naira miliyan 20 a shekara. A fom ɗin akwai layin Direct costs da layin Indirect costs, sun ce na biyun kada ya wuce kashi 10. Na sa hayar ofis da albashin akantarmu gaba ɗaya a layin farko, sai aka dawo mana da kasafin. Ina bambancin yake, kuma yaya zan gabatar da kowanne ga masu ba da tallafi?"

Wa alaikumus salam Malama. Ba don haya da albashin akanta haramun ne a layin farko aka dawo muku da kasafin ba. An dawo da shi ne don kun ɗora wa aiki ɗaya kuɗin da ayyukanku duka suke ci tare. Mai duba kasafin ya san akantarku ba lissafin masara kaɗai take yi ba, ya kuma san ofishin yana nan tun kafin a yi tunanin wannan aiki. Da kun sa wani kaso na albashin, kuka nuna yadda kuka fitar da kason, mai yiwuwa da ya wuce ba tare da magana ba.

Abin da yake raba layukan biyu tambaya ɗaya ce: shin za a iya bin sawun wannan kuɗi har zuwa wannan aiki shi kaɗai, da shaida a takarda? In za a iya, kuɗin aiki ne kai tsaye. In kuwa kuɗin na tafiyar da ƙungiya ne baki ɗaya, kowane aiki yana amfana da shi amma ba a iya auna rabon kowa sai da wahalar da ta fi kuɗin, to kuɗin gudanarwa ne. Tela ya san wannan ko bai taɓa cika fom ba. Yadi da zare da maɓalli na rigar da yake ɗinkawa ne, hayar shago da kuɗin wuta da gyaran keke kuwa na rigunan duka ne, kuma in bai yafa wa kowace riga ɗan kasonta ba, ranar da mai shago ya zo karɓar haya daga aljihunsa zai biya.

Ki lura, irin kayan ba shi yake yanke hukunci ba. Man fetur da aka zuba a babur aka tafi Soba horaswa kuɗin aiki ne kai tsaye. Man fetur da aka zuba a janaretan ofis kuɗin gudanarwa ne. Haka haya: zauren da kuka kama na kwana uku a Giwa don taron mata na aikin ne, ofishinku na Tudun Wada na ƙungiya ne. Odita ma haka. In mai tallafi ya ce lallai a binciki lissafin aikinsa daban, ladan wannan bincike nasa ne kai tsaye, amma binciken shekara-shekara na ƙungiya duka yana layi na biyu. Akwai wata hanyar gwaji da nake ba mutane in sun rikice, ita ce su tambayi kansu: in aka soke wannan aiki gobe, wannan kuɗi zai tsaya ko za a ci gaba da biyansa? Wanda zai tsaya kusan kullum na kai tsaye ne. Gwajin yana da iyaka, don bai kama kuɗin da suke tsakiya ba, kuma a tsakiyar nan ne matsalarku take. Zan zo kanta.

Ku fara sanin kasonku na gaskiya

Kashi 10 da ke cikin fom ra'ayin mai tallafi ne game da abin da zai biya. Bai gaya muku abin da ƙungiyarku take ci ba. Wannan ku ne za ku fitar da shi, daga lissafin bara da odita ya sa wa hannu, ba daga ka ba. Tunda ban ga littattafanku ba, zan ɗauki adadi na misali masu kama da na ƙungiya irin taku, ke kuma ki maye gurbinsu da naku.

A ce bara kun biya hayar ofis naira miliyan 1.5, albashin akanta miliyan 2.4, albashin shugaba miliyan 3.6, wutar lantarki da man janareta da data miliyan 1.8, mai gadi da mai shara miliyan 1.2, odita naira 700,000, sannan cajin banki da rahoton shekara na CAC da taron amintattu da ƙananan gyare-gyare naira 800,000. Jimilla miliyan 12. A shekarar kuma ayyukanku duka sun ci miliyan 60 kai tsaye. Ki raba 12 da 60, ya ba ki kashi 20 cikin ɗari. Ma'ana duk naira 100 da kuka kashe a ƙauye, akwai naira 20 da kuka kashe a ofis kafin waccan ta isa inda za ta.

Yanzu aikin masara. A ce miliyan 20 ɗin nan sun kasu haka: albashin jami'ar aiki da malaman gona biyu miliyan 6, zaure da abinci da masu koyarwa miliyan 3, kuɗin motar mata mahalarta miliyan 2, buhunan adana hatsi da sauran kayan koyarwa miliyan 4, zirga-zirgar ma'aikata miliyan 2, babura biyu miliyan 3. A cikin miliyan 6 na albashi kada ki manta da kashi 10 na fansho da dokar 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikaci, da kashi 1 na NSITF, asusun inshorar ma'aikata. Waɗannan suna bin albashin duk inda ya je. In albashin na kai tsaye ne su ma na kai tsaye ne, kuma ƙungiyoyi da yawa suna mantawa da su sai ranar biya ta zo su ciro daga kuɗin ofis.

Kashi 20 na miliyan 20 miliyan 4 ne. Ke nan aikin da kike kira na miliyan 20, a gaskiya na miliyan 24 ne. Mai tallafi ya ce zai ba da kashi 10, wato miliyan 2. Akwai giɓin miliyan 2, kuma giɓin ba ya ɓacewa don an ƙi rubuta shi. Ko dai shugaba ta yi watanni ba albashi, ko a ci bashin haya, ko a taɓa kuɗin wani aiki a toshe, wanda shi ne mafi haɗari. Wannan lamba ta miliyan 24 ita ce za ki riƙe a zuciya duk wanda za ki zauna da shi.

Kuɗin da ke tsakiya

Cikin miliyan 12 na ofis akwai waɗanda za a iya aunawa in an so. Lokacin akanta ana iya auna shi. Lokacin shugaba ma haka. Ɗakin da ma'aikatan aiki suke zaune ana iya auna shi. Irin waɗannan su ake kira kuɗin tarayya, kuma masu tallafi da yawa suna yarda a sa kason aikin a layin farko, bisa sharaɗin akwai ma'auni mai ma'ana, an rubuta shi, kuma da shi ake auna wa kowane aiki.

Ga yadda zai kasance a naku. Akanta za ta riƙa ba aikin masara kwana ɗaya a mako, tana shirya baucocin biya, tana daidaita asusun banki, tana haɗa rahoton kuɗi na wata uku-uku. Kwana ɗaya cikin biyar kashi 20 ne, na miliyan 2.4 kuwa naira 480,000 ne. Shugaba za ta je wurin hakimai da sashen noma na ƙananan hukumomin biyu, ta duba rahoto, ta halarci buɗe horaswa. A ce kashi 15 na lokacinta, naira 540,000. Ofishin ɗaki huɗu ne masu girma ɗaya, ma'aikatan masara uku sun ɗauki ɗaya, to rubu'in haya nasu ne, naira 375,000, da rubu'in wuta da mai da data, naira 450,000. In kin haɗa, naira 1,845,000.

Layin farko ya tashi daga miliyan 20 zuwa naira 21,845,000. Abin da ya rage na miliyan 4 ɗin da aikin ya kamata ya ɗauka shi ne naira 2,155,000, kuma in kin raba shi da sabon jimillar layin farko za ki ga bai kai kashi 10 cif ba, kashi 9.9 ne. Kin shiga ƙarƙashin iyakar mai tallafi, kin samu miliyan 24 ɗinki, kuma ba ki ƙara ko kwabo a kan gaskiya ba. Kuɗin guda ne, wurin zamansa kawai aka gyara.

Amma wannan hanya tana da farashi, kuma ina so ki ji shi tun yanzu. Duk abin da kika sa a layin farko sai kin kawo shaidarsa. Albashin akanta yana buƙatar takardar lokaci da take cikawa kullum ko mako-mako, ta sa hannu, wani na sama da ita ya sa hannu. Abin da za a cira a ƙarshen wata shi ne abin da takardar ta nuna, ba kashi 20 da aka rubuta a kasafi ba. In watan Ramadan aiki ya lafa ta ba shi kashi 10, to kashi 10 za a cira. Odita mai ido yana gane takardar da aka zauna aka cika rana ɗaya a ƙarshen shekara: biro ɗaya daga Janairu zuwa Disamba, awa takwas kowace rana ba ragi ba ƙari, har ranar Sallah an rubuta an yi aiki. Da ya ga haka zai soke layin duka, ku mayar da kuɗin. Haya kuma tana buƙatar yarjejeniyar haya, rasit, da ɗan zanen ofis mai nuna ɗakuna da girmansu. In ɗakunan ba girmansu ɗaya ba, ku auna da tef ku raba da murabba'in mita, ko ku raba da yawan ma'aikata, amma ku zaɓi ɗaya ku tsaya a kai.

Sharaɗi na biyu ya fi na farko nauyi. Abin da ya shiga layin farko dole ya fita daga tulin kuɗin gudanarwa. Ba za ki karɓi naira 480,000 na akanta kai tsaye ba, sannan ki bar albashinta cikakke cikin lissafin da kika fitar da kashi 20. Wannan cajin abu ɗaya sau biyu ne, kuma shi ne laifin da masu bincike suka fi nema a wannan fanni. Haka kuma ba za ki mayar da akanta ta kai tsaye a wurin wannan mai tallafi don ya matse ba, ki bar ta a layi na biyu wurin wancan don ya sake. In kun yanke cewa lokacinta ana auna shi, to ana auna shi a ayyukan duka. Ki ɗauki takarda ɗaya ki jera sunan kowane ma'aikaci, ki rubuta kason da kowane aiki yake biya, ki haɗa. Ina yawan ganin shugaba da kashi 50 a aiki ɗaya, 40 a na biyu, 30 a na uku. Mutum ɗaya ba ya da kashi 120 na lokaci, kuma masu tallafi suna tambayar juna.

Na uku, ba kowa ke yarda da wannan rabo ba. Ƙa'idar gwamnatin Amurka, alal misali, tana ɗaukar albashin ma'aikatan ofis da na lissafi a matsayin kuɗin gudanarwa a asali, sai in an nuna aikinsu ɓangare ne na aikin kansa, an san mutumin da sunansa, kuma ba a sake karɓar kuɗin a layi na biyu ba. Don haka kafin ki mayar da kasafin, ki rubuta wa jami'in da ya dawo da shi ki tambaye shi ko suna karɓar kuɗin tarayya da aka raba bisa ma'auni. Ki ajiye amsarsa a rubuce cikin fayil. Jami'ai suna canjawa, kuma odita da zai zo bayan shekara biyu ba zai karɓi "ai ya faɗa mana a waya" ba.

Kashi 10 na me?

Wannan tambaya ƙarama ce amma tana cin kuɗi. Wani mai tallafi yana nufin kashi 10 na layin farko, wani yana nufin kashi 10 na jimillar tallafin, wani kuma kashi 10 na layin farko bayan an cire wasu abubuwa. Lamba ɗaya, kuɗi uku daban.

A ce iyakar tallafin miliyan 22 ce, ƙa'ida kuma ta ce kashi 10 na layin farko. Mai gaggawa zai ɗauki kashi 10 na 22 ya rubuta miliyan 2.2, ya bar miliyan 19.8 a sama. Amma kashi 10 na 19.8 miliyan 1.98 ne, ke nan miliyan 2.2 ɗinsa ya wuce iyaka da naira 220,000. Daidai shi ne a raba 22 da 1.1, a samu miliyan 20 a layin farko, miliyan 2 a na biyu. A Excel, in iyakar tana B1, kason kuma yana B2 a rubuce 10%, layin farko shi ne:

```
=B1/(1+B2)
```

Wannan bambanci yana aiki ta ɗaya fuskar ma. Kashi 20 ɗinku na layin farko, in aka auna shi da jimilla, miliyan 4 ne cikin 24, wato kashi 16.7. Duk lokacin da kika faɗi kasonku, ki faɗi na me ne, don kada a kwatanta naku na layin farko da na wata ƙungiya na jimilla a ce kun fi ta tsada.

Nau'i na uku shi ne na kuɗin gwamnatin Amurka, ko sun zo muku kai tsaye ko ta hannun wata babbar ƙungiya. Ƙungiyar da ba ta da kason da ta yi yarjejeniya da gwamnatin a kai, wanda ake kira NICRA, tana iya ɗaukar kaso tsayayye ba tare da kawo hujja ba. A da kashi 10 ne, daga Oktoba 2024 aka ɗaga shi zuwa 15. Sai dai ana ɗora shi ne a kan abin da fom ɗinsu ke kira MTDC, wato layin farko bayan an cire manyan kayan aiki, kuɗin da ake ba mahalarta, haya, da wasu abubuwa. A aikinku kuɗin motar mata miliyan 2 zai fita. Baburan miliyan 3 ma za su fita in dokar ƙungiyarku tana rubuta su a matsayin kadara. Saura miliyan 15, kashi 15 nasa miliyan 2.25 ne, ba miliyan 3 da za ki zata ba. Aiki mai yawan kayan aiki da kuɗin mahalarta yana samun ƙaramin kuɗin gudanarwa a wannan tsari, duk da kason ya yi kyau a ido.

Yadda za ki gabatar wa kowa

Masu tallafi ba iri ɗaya ba ne, kuma bambancin yana da faɗi. Tarayyar Turai, a tallafin ayyukan raya ƙasa, tana tsayawa a kashi 7 na kuɗin kai tsaye da ta amince da su, kuma ba ta neman rasit a kan wannan kashi 7. Gidauniyar Gates tana ba ƙungiyoyi masu zaman kansu har kashi 15. Gidauniyar Ford ta ɗaga nata daga 20 zuwa 25 a 2023, MacArthur kuma mai ofis a Abuja ta sa kashi 29 tun 2020. Masu bincike a ABU da suka taɓa cin tallafin NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, sun san kashi 8 take ba jami'o'in wajen Amurka. Waɗannan lambobi suna canjawa, don haka abin da ke rubuce a takardar kiran da ke hannunki shi ne hukunci.

Ga wanda iyakarsa ƙarama ce, kamar mai kashi 7, ƙarfinki ya tafi layin farko. Duk abin da ake iya aunawa ki auna ki sa shi da bayaninsa. Ko da haka, kashi 7 na naira 21,845,000 bai wuce miliyan 1.53 ba, kuna da giɓin kusan naira 626,000. Wannan sai amintattu su zauna su san daga ina zai fito, kuɗin mambobi ne ko gudummawar da ba a ɗaure ta da wani aiki ba, kafin a sa hannu. In ba inda zai fito, ƙin karɓar tallafin ya fi karɓarsa, ko da yake na san wannan magana tana da ɗaci ga ƙungiyar da take jiran kuɗin albashi.

Ga wanda ya ce ku kawo kasonku na gaskiya, in ba ku mayar da kuɗin tarayya layin farko ba, ki kai masa kashi 20 da shafi ɗaya mai nuna miliyan 12 da miliyan 60 da rahoton odita. Kada ki rage shi zuwa 10 don kunya ko don a ce kuna da tattali. Mai duba kasafi da ya san aiki, in ya ga ƙungiya ta ce kashi 3 take ci, ba burge shi take yi ba. Tambayar da ke zuwa masa ita ce wa ke riƙe musu littafi, kuma da wane kuɗi.

In kuɗin ta hannun babbar ƙungiyar ƙasa da ƙasa suka biyo, sau da yawa fom ɗin da za su ba ku ba ya ma da layi na biyu. Su sun karɓi nasu kason daga asalin mai kuɗin. Ku tambaya cikin ladabi, a rubuce, ko ƙa'idar asalin mai kuɗin ta ba ƙananan abokan aiki damar karɓar kuɗin gudanarwa. In kuɗin gwamnatin Amurka ne, ƙa'idar ta ba ku. In suka ce babu, to kuɗin tarayya su shiga layin farko ɗaya bayan ɗaya.

Kowane layi a kasafi yana son jimla ɗaya ko biyu ta bayani a takardar da ke raka shi. Na kai tsaye ki nuna adadi da farashin ɗaya da sau nawa: mata 400, kwana 2, naira 2,500 kuɗin mota a rana, miliyan 2. Na tarayya ki nuna mutum, kaso, dalili da shaida: akanta, kashi 20 na albashin naira 200,000 a wata, wata 12, don shirya biya da rahoton kuɗin aikin, za a tabbatar da takardar lokaci. Layi na biyu kuma kada ki farfasa shi sai an nema. Ki ce kashi kaza ne na kaza, yana ɗaukar rabon aikin a binciken shekara, tsaro, tsabta, cajin banki da taron amintattu, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya sake fitowa a layin farko. Wannan jimla ta ƙarshe tana kashe tambayoyi da yawa.

Akwai kuma mai tallafi na gida, Alhaji mai kamfani a Sabon Gari ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, wanda zai ce miki shi so yake kowace naira ta shiga hannun matan. Da shi maganar kashi-kashi ba ta da amfani, tana ma sa shi zargi. Ki gaya masa kuɗin mace ɗaya: miliyan 24 a raba wa mata 400, naira 60,000 kowacce, a ciki 50,000 na horaswa da kaya da zirga-zirga, 10,000 na wadda za ta riƙe lissafin kuɗinsa da ɗakin da za a ajiye buhunan da mai gadinsu. Ɗan kasuwa ya san shago ba ya tafiya ba yaron shago. In ya dage nasa na buhuna ne kawai, ki karɓa a haka, ki kashe a buhuna kawai, ki nemi na ofis a wani wuri. In kuwa zakka ce ya bayar, kada ku cire komai a ciki da ra'ayinku. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambaci masu aiki a kanta cikin masu rabo, amma ko ma'aikatan ƙungiyarku sun shiga ciki hukunci ne na malamai, ku tambaye su, ku kuma sanar da mai dukiyar.

Abubuwan da ke lalata kasafi bayan an sa hannu

Abin da na fi tsoro ga ƙungiyar da aka matse shi ne ɓoye kuɗin ofis cikin farashin kaya. A rubuta buhu da tsadar da ta fi ta kasuwa, a je wa mai shago ya rubuta rasit daidai da kasafi, a ɗauki rarar a biya haya. Masu yi suna ganin ai ba aljihunsu ya shiga ba. A wurin mai bincike wannan zamba ce, ba ya tambayar ina rarar ta je, kuma waya ɗaya zuwa shagon ta isa. Duk wahalar takardar lokaci da zanen ofis da na lissafa miki, don kada ku kai ga wannan ne.

Layi na biyu kuma ba kwandon zuba komai ba ne. Tarar jinkirin biyan haraji, kuɗin liyafa, kyauta ga manya, da kuɗin da kuka kashe wajen neman gudummawa, yawancin masu tallafi na hukuma ba sa biyansu a kowane layi, don haka ki cire su daga miliyan 12 kafin ki fitar da kaso. Kuɗin ko-ta-kwana na tashin farashi shi ma layinsa daban in an yarda da shi. Tun cire tallafin mai a 2023 kowa ya ga yadda kuɗin zuwa Soba yake iya ninkawa a tsakiyar aiki, amma maganin wannan shi ne a nemi izinin gyara kasafi, ba a ci kuɗin ofis ba.

Sannan kason yana bin abin da kuka kashe ne, ba abin da kuka rubuta ba. In damina ta hana shiga wasu ƙauyuka, shekara ta ƙare kun kashe miliyan 14 maimakon 20, kashi 10 ɗinku ya koma miliyan 1.4, mai gida kuwa hayarsa cikakkiya zai karɓa. Don haka kada ki kwashe kuɗin gudanarwa na shekara duka ranar da kuɗin farko na tallafin ya shigo. Duk ƙarshen wata akanta ta haɗa abin da aikin ya kashe kai tsaye, ta fitar da kason, a rubuta bauca, a tura shi daga asusun aikin zuwa asusun ƙungiya. In kun ga wata uku a jere kashewa tana ƙasa da tsari, ku san kuɗin ofis ma zai gaza, ku nemi ƙarin wa'adi ko gyaran kasafi tun da sauran lokaci.

Duk wannan ku rubuta shi a takarda mai shafi biyu: me kuke ɗauka na kai tsaye, me kuke rabawa da wane ma'auni, me ke cikin tulin gudanarwa, da yadda kuke fitar da kaso kowace shekara bayan rahoton odita. Amintattu su amince da ita a taro, a sa kwanan wata da hannu. Ki haɗa kwafinta da kasafin da za ki mayar, tare da layukan akanta da shugaba da haya da wuta a kasonsu na naira 1,845,000, da naira 2,155,000 a layi na biyu.